Daga Paraku da Jugu zuwa hannun mahaifiya: yadda kuɗin ɗan ci-rani ke isa gida

Yaran da ke sauka a Zangon Paraku ko a Jugu da niyyar neman abin kansu, ba su cika tambayar yadda ake aika kuɗi gida ba sai ranar da kuɗin ya taru. A ranar kuwa mutum yana cikin ɗoki, kuma mai ɗoki ba ya sauraro. Shi ya sa na ɗauki al'adar zaunar da duk baƙon da aka haɗa ni da shi tun makonsa na farko, kafin ya riƙe ko jaka guda, in yi masa bayanin da zan rubuta a nan. Na daɗe ina fatauci tsakanin garuruwan nan biyu, kuma na zauna a zaman sasanci da dama a ƙofar manyan zango, inda ake kawo ƙarar kuɗin da ya bar hannun mai shi bai isa inda aka aika shi ba. Abin da na lura shi ne da wuya kuɗi ya ɓace a tsakiyar hanya. Yana ɓacewa ne a wurin da yake sauya hannu: daga aljihunka zuwa waya, daga sefa zuwa naira, daga asusu zuwa hannun wanda zai karɓa. Don haka bari mu bi kuɗin gaɓa bayan gaɓa, ƙanena.

Gaɓar farko ita ce layin wayarka. A Benin yawancin ƙananan kuɗi a waya suke yawo, ta MTN MoMo, ko Moov Money, ko Celtiis Cash, kuma rumfunan ajiya da cira suna ko'ina, daga bakin kasuwar Arzeke har ƙauyukan hanyar Jugu. Baƙo ya zo ba shi da takardar da za a yi masa rajista, sai wani ya ce masa, "Kawo in buɗe maka da katina," ko ya sayi layin da aka riga aka buɗe a bakin tasha. Layin zai yi aiki lafiya lau, zai karɓi kuɗi, zai tura. Amma a wurin kamfani, mai layin shi ne wanda sunansa ke kan rajista, ba wanda wayar ke aljihunsa ba. Ranar da wayar ta faɗi, ko aka sace ta, ko ka manta lambar sirri asusun ya kulle, za ka je ofishi a ce ka kawo katin shaidar mai layi. In mutumin kirki ne kuma yana gari, ya raka ka. In ya koma garinsu ko ya rasu, sai wahala. In kuwa mugu ne, ba ya ma bukatar wayarka: zai je ofishi da katinsa ya ce layinsa ya ɓata, a ba shi sabo mai lamba ɗaya, naka ya mutu a hannunka, kuɗin ya koma wurinsa. Na ga wannan ya faru da wani mai wankin takalma ɗan wajen Doso, wanda ya tara kuɗin rani guda a layin da maigidan ɗakinsu ya buɗe masa. Da aka zo sasanci, babu wata takarda a duniya da ta nuna kuɗin nasa ne.

Saboda haka, kafin ka ajiye abin kirki a waya, ka je ofishin kamfanin da kanka, ba rumfar bakin titi ba, da fasfo ko katin shaidar ƙasarku ko katin da ofishin jakadancinku ke bai wa mazauna waje, ka tambayi wanda suke karɓa, a buɗe da sunanka. In hakan bai samu ba tukuna, ka ɗauki layin aro a matsayin hanyar wucewa kawai: kuɗi ya shiga da safe, ya fita kafin dare. Lambar sirri kuma kada ta zama shekarar haihuwarka ko ƙarshen lambar wayarka, kuma kada ka miƙa wa mai rumfa waya ka faɗa masa lambar da baki don ya danna maka. Na san da yawanmu Faransancin da ke fitowa a fuskar waya yana ba su tsoro. Ka sa wanda ka yarda da shi ya koya maka matakan sau biyu ko uku har hannunka ya saba, domin lambobi ne kawai kake bi, ba karatu ba.

Daga nan hanya ta rabu biyu, gwargwadon inda gidanku yake.

Ɗan Nijar aikinsa ya fi sauƙi, domin sefar Paraku ita ce sefar Maraɗi da Tawa. Babban banki ɗaya ne, BCEAO, ke buga ta wa ƙasashe takwas, kuma ko da Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, ba ta fita daga ƙungiyar masu sefa ba. Babu canji, sai ladan aikawa. Kamfanonin aika kuɗi na Nijar irin su Nita da Al Izza kowa ya san su, kuma tsarinsu ɗaya ne: ka ba da kuɗi a kanta, a rubuta sunanka da na mai karɓa, a ba ka rasit mai ɗauke da lambar saƙo, shi kuma ya je reshen garinsu da katinsa ya karɓa. Abu biyu ke kawo matsala a nan. Na farko, suna. A gida ana kiran mahaifiyarka Hajiya Kulu, amma a katinta an rubuta Haoua da rubutun Faransanci. In ka rubuta sunan gida, tsohuwa za ta biya kuɗin mota zuwa gari a mayar da ita hannu rabbana. Ka sa a karanta maka sunan yadda yake a katin, harafi bayan harafi, ka ajiye shi a wayarka. Na biyu, lambar saƙon nan daidai take da kuɗin kansa. Kada ka ɗauki hoton rasit ka jefa a zauren WhatsApp na 'yan garinku don a shaida ka aika. Ka kira mai karɓa shi kaɗai ka faɗa masa. Haka abin yake ga Western Union, mai lamba goma, da MoneyGram, mai lamba takwas.

Akwai kuma aikawa ta hannun direba ko matafiyi, wadda ita ce ta kaka da kakanni tun zamanin da ayarin goro ke bi ta Nikki da Paraku da Jugu zuwa Gwanja. Ba na kushe ta, har yanzu akwai direbobin da amanarsu ta fi ta takarda. Sai dai tun bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya, tafiyar ta koma ta sauka daga mota, a shiga kwalekwale, a sake neman wata motar a tsallake. Saƙon da a da mutum ɗaya ke kai shi har ƙofar gida, yanzu yakan bi hannu biyu ko uku, kuma na ukun ba ka taɓa ganinsa ba. In dole ne, a ƙirga kuɗin a gaban shaida, a rubuta, kuma a faɗi adadin da lissafi ɗaya. Mu nan muna ƙirga da dala, inda "ɗari biyu" ke nufin jaka ɗaya, wato faran dubu, yayin da yaron da ya taso da naira in ya ji ɗari biyu, ɗari biyu ya sani. Rigima fiye da ɗaya ta zo gabanmu wadda ba cuta a cikinta, kowa da irin ƙirgarsa ne kawai.

Ɗan Najeriya shi ne mai dogon aiki, domin dole sefarsa ta zama naira, kuma yawancinmu ta hannun mai canji muke bi. Ka ba shi sefa a nan, shi kuma ya tura naira daga asusunsa na Najeriya zuwa asusun gidanku. A nan nake so ka ba ni hankalinka sosai, domin a nan ne ake yawan yankan mutane ba tare da sun ji zafi ba.

Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya faran 655.957, ba ta motsi. Naira ce ke motsi, musamman tun Yunin 2023 da gwamnatin Najeriya ta sake ta ga kasuwa. Farashin da ɗan ɗakinku ya samu a watan jiya ba shi ne na yau ba, wani lokaci na safe ma ba shi ne na yamma ba. Saboda haka kada ka tambayi mai canji "Nawa ne canji?" ka tsaya nan. Ka ce masa, "Ga jaka sittin, naira nawa za ta shiga asusun gida, bayan an cire komai?" Wannan adadin na ƙarshe shi kaɗai za ka kwatanta.

Bari in kawo maka misali da wani yaro mai tsire a Jugu, ɗan wajen Jega, da na raka ranar aikensa na farko. Farashin da zan faɗa na misali ne, kada ka riƙe shi a matsayin na yau. Yana da jaka sittin. Mai canji na farko ya ce naira 2,600 kowace jaka, ba ladan komai. Sittin sau 2,600, naira 156,000 ke nan. Na biyu ya ce 2,680, yaron har ya fara murmushi, sai na ce a tambaye shi lada. Ya ce jaka biyu. To saura jaka hamsin da takwas, sau 2,680, ya ba da naira 155,440. Mai farashin da ya fi daɗin ji ya gaza na farko da naira 560. Ba wani babban abu ba ne, amma ka ga yadda kunne ke yaudarar mutum. Sai na uku, wanda ba shi da rumfa, a bakin masallaci ya tare mu, ya ce 2,750 babu lada, naira 165,000 cif, amma a ba shi sefar yanzu, nairar za ta shiga gobe da safe saboda "asusunsa ya cika iyakar yau". Ribar naira dubu tara ce a kan na farko, kuma na ga idon yaron ya tafi can. Na ce masa ya duba abin da ake nema ya yi: ya ajiye guminsa na wata biyu a hannun wanda bai san ɗakin kwanansa ba, don dubu tara. Ba na cewa mutumin ɓarawo ne, ban sani ba. Amma duk masu canji a gari ɗaya daga kasuwa ɗaya suke sayen naira, bambancinsu ba ya wuce kaɗan. Wanda ya zarce kowa da nisa, a wani wurin yake shirin fanshewa. Mun koma wurin na farko.

Ga yadda aka yi a rumfar, kuma haka nake so ka riƙa yi kullum. Yaron ya karanta lambar asusun yayansa, lamba goma. Mai canji ya shigar, sunan mai asusu ya fito a fuskar wayarsa kafin ya tura, domin bankunan Najeriya suna nuna suna. Na sa ya juyo da wayar muka karanta sunan da idonmu. Sannan ya tura. Ya nuna mana rasit a waya, kore shar, an rubuta an yi nasara. Yaron ya zaro sefa zai miƙa, na riƙe hannunsa. Rasit hoto ne, kuma akwai manhajojin da ba su da aiki sai ƙera irin wannan hoton. Ko na gaskiya ne ma, wani lokaci kuɗi kan fita daga banki ya maƙale a hanya, ya koma wa mai turawa bayan ka riga ka tafi. Muka kira yayan, muka ce kada ya dogara da saƙon alat, ya buɗe asusun ya duba abin da ke ciki. Ya ce da akwai dubu huɗu, yanzu dubu ɗari da sittin. Sai a lokacin aka miƙa sefa aka yi sallama. Mai canjin kirki ba ya jin haushin wannan, kujera ma zai ba ka. Wanda ya fara cewa "Haba, ba ka yarda da ni ba ne?" ya riga ya ba ka amsa.

Abu biyu za ka shirya da mutanen gida tun kafin ranar. Asusun da aka buɗe a ƙaramin mataki yana da iyakar abin da zai iya karɓa da abin da zai riƙe, kuma in ka tura fiye da haka kuɗin kan dawo ko ya tsaya sai an kai takardu. A tambaya tun da wuri. Sannan mai POS na ƙauye zai cire nasa ladan, don haka in mahaifiya dubu ɗari da hamsin take bukata a hannu, ka ɗora abin cirewa a kai. Ka kuma kira ta ita kanta ka faɗa mata adadin, ko da asusun na yayanka ne. Ba zargi ba ne. Sau da yawa kuɗin da ake cewa ya ɓata a hanya, a cikin gida ya rage tsawo, kuma wannan ƙarar ta fi kowace wuyar sasantawa.

Akwai wata cuta ta canji da ba kowa ya gane ta ba, kuma ta fi ba ni tsoro domin a cikinta kuɗin yana shiga da gaske. Wani zai bayyana a WhatsApp da farashi mai kyau, har ya ce shi zai fara turawa, in ka ga kuɗi sannan ka biya. Me ya fi wannan? Naira ta shiga asusun gidanku, an duba an tabbatar, kai kuma ka tura masa sefa ta waya. Bayan kwana kaɗan banki ya kulle asusun. Abin da ya faru shi ne, a daidai lokacin da yake ciniki da kai, yana yaudarar wani a Legas ko Kano da kayan sayarwa na ƙarya, ya ba shi lambar asusun gidanku ya ce ya biya a nan. Kuɗin wancan bawan Allah ne ya shigo muku. Da ya ga ba kaya ya kai ƙara, sawun da aka bi kuma ya tsaya a kan sunan yayanka ko mahaifiyarka. Ɗan damfara ya tafi da sefa mai tsabta, ya bar ku da bayani a gaban hukuma. Alamar da ake gane ta ɗaya ce: sunan wanda ya turo. In ka yi ciniki da mutum, sai alat ya nuna wani suna dabam da bai gaya maka tun farko ba, ka dakata, kada ka saki sefa. Gaskiya ne masu canji na gari ma kan sa abokin hulɗarsu a Najeriya ya tura, amma su suna da rumfa, gobe za ka same su a wurin, kuma manyan zango sun san su. Mai lambar waya kawai ba shi da inda za a kama shi.

Yanzu sai waɗanda ke zuwa maka har cikin aljihu. Mutanen Benin suna kiran 'yan damfarar waya da na intanet gayman, kuma dabarunsu ba su da yawa, maimaita su suke yi.

Ta farko, saƙo zai shigo cewa ka karɓi faran dubu arba'in. Minti ɗaya bayan haka waya ta yi ƙara, wata mata tana kuka, ko dattijo yana haɗa ka da Allah, wai kuɗin maganin ɗansa ne ya yi kuskuren lamba, ka taimaka ka mayar. In ya ji Faransancinka ba ya tafiya, sai ya juya zuwa Dandanci ko Hausa, kuma jin harshen gida a bakin baƙo yana sassauta zuciya. Kada ka yi musu da shi, kada kuma ka yi sauri. Ka duba daga ina saƙon ya fito. Na gaskiya da sunan kamfani yake zuwa, ya jeru a ƙarƙashin tsofaffin saƙonnin kamfanin da ke wayarka. Na ƙarya daga lambar mutum yake zuwa, ya tsaya shi kaɗai. Amma ko wannan kada ka tsaya a kansa, ka kashe kiran ka duba asusunka da kanka. Ga lambar MoMo a sama, ta Moov Money a ƙasa:

```
*880#
*855#
```

Ka bi matakan zuwa inda ake ganin abin da ya rage, wanda a fuskar waya ake rubuta Solde. In bai ƙaru ba, magana ta ƙare. In kuma ya ƙaru da gaske, domin kuskure yana faruwa, to kuɗin ba naka ba ne, kada ka taɓa shi, amma kada ka mayar da hannunka, balle zuwa wata lamba dabam da aka karanta maka. Ka ce wa mai kiran ya kai wa kamfani, su suke da hanyar janye kuskure. In ka tura da kanka, shi kuma ya je ya sa aka janye na farkon, ka biya sau biyu.

Ta biyu ta fi wannan sauri. Wani zai kira da murya irin ta ofis, ya ce daga kamfani ne, za a rufe layinka, ko ka ci kyauta, ko za a turo maka tallafi. Ya ce yanzu wani abu zai fito a wayarka, ka sa lambar sirri don ka karɓa. Abin zai fito kuwa, kuma daga kamfanin gaske yake, shi ya sa mutane ke faɗawa. Sai dai abin da ya fito neman izinin cire kuɗi ne daga asusunka, shi ya aiko da shi, kai kuma da ka danna lambar ka sa hannu. Riƙe wannan da kyau: karɓar kuɗi ba ta bukatar lambar sirri. Ko wayarka a kashe take kuɗi zai shiga. Duk lokacin da abu ya fito da kansa yana neman lambar, kuɗi ne zai fita. Kuma babu ma'aikacin kamfani na gaskiya da zai nemi ka faɗa masa ita.

Ta uku ita ce mai taɓa zuciya, kiran gida. Saƙo daga lambar ƙaninka ta WhatsApp, da hotonsa da komai: Inna ta faɗi an kai ta asibiti, a turo kuɗi yanzu, ga asusun likita, kada ka kira domin ana ciki da ita. An ƙwace WhatsApp ɗin ne, yawanci ta hanyar yaudararsa ya karanta wa wani lambobi shida da suka shigo wayarsa. Ɓarawon ya zauna ya karanta hirarku ta baya, ya san sunan Inna, ya san ranar da kake aike. Alamominta uku ne kuma tare suke zuwa: gaggawa, sabon asusu, da hana ka kira. Ka kira ta layin waya na yau da kullum, in bai shiga ba ka kira maƙwabci ko limamin unguwa. Minti biyar ba za su kashe mara lafiya na gaskiya ba. Ana kuma juya ta ta ɗaya gefen: a kira gida a ce an kama ka a kan iyakar Cikanda ko a Malanbil, a turo kuɗin beli. Don haka ka tabbatar mutanen gida suna da lambarka daidai. Tun 30 ga Nuwamban 2024 lambobin Benin suka koma goma, aka ƙara 01 a gaban tsofaffin takwas ɗin, bayan +229. Akwai gidajen da har yanzu tsohuwar lamba ce rubuce a bangon ɗaki, su kira ba ta shiga, sai su gaskata cewa lallai wani abu ya same ka. Ka ba su kuma lambar mutum na biyu a nan, maigidanka ko mai masaukinka.

Sai masu cewa kada ka aika kuɗin tukuna, kawo a juya maka shi ya ninka. A kan wannan ba sai na yi dogon bayani ba, ka tambayi duk wani ɗan Benin da ya haura shekara arba'in labarin ICC Services. Kamfani ne da ya riƙa karɓar ajiyar mutane da alkawarin riba mai yawan da babu kasuwancin da ke haifar da ita, yana biyan na farko da kuɗin na baya, har ya rushe a 2010 da kuɗin da aka ƙiyasta ya haura faran biliyan ɗari. Sai a ƙarshen 2018 aka fara shari'ar a kotun CRIET. 'Yan Najeriya kuma sun ga MMM a 2016 da CBEX a 2025. Abin da ya sa irin wannan ke kama ɗan ci-rani shi ne ba baƙo ke kawo masa ita ba. Ɗan garinku ne, wanda aka biya shi sau ɗaya ko biyu da gaske, ya zo yana rantsuwa da zuciya ɗaya, domin shi ma bai san da shi ake farauta ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ko adashi ne, in uwar adashin ba a san gidanta da sana'arta ba, ko aka ce za a ba ka fiye da abin da ka zuba, ka bar shi.

In kuma abin ya riga ya faru, sa'ar farko ita ce mai daraja, kuma kunya ce ke cinye ta. Mutum ya zauna a ɗaki yana jin nauyin a ce an yi masa wayo, sai bayan kwana uku ya faɗa, alhali ɓarawon ya cire kuɗin tun ranar. Ka tafi ofishin kamfanin nan take, ko ka kira layin taimakonsu, ka ba da lambar da kuɗin ya tafi da lambar shaidar aikawa da ke cikin saƙon, ka nemi a tsayar da asusun can. In kuɗin bai fita ba tukuna, akwai fata. Ka canja lambar sirri. Kada ka goge komai, ko saƙon ƙaryar, ko jerin kira, ko hirar WhatsApp, domin su ne shaidarka. Daga nan sai ofishin 'yan sanda mafi kusa, a rubuta ƙara a ba ka takarda. Ƙasar tana da cibiyar binciken laifukan waya da intanet, CNIN, kuma irin wannan ƙarar aikinta ne. In harshe ko takardun zama ne ke sa ka ɗari-ɗari, ka je wurin sarkin zango ko shugaban 'yan ƙasarku ya haɗa ka da wanda zai raka ka. In ɓangaren naira ne, mai asusun a gida shi zai je bankinsa a ranar, da hoton alat da bayanin cinikin.

Ba zan ɓoye maka ba, a ƙararrakin da na gani, waɗanda kuɗinsu ya dawo ba su kai waɗanda nasu ya tafi ba. Kuma ka sa ran wani kiran bayan kwana biyu, daga wanda zai ce shi jami'i ne, an kama ɓarawon, ka turo kuɗin buɗe fayil a mayar maka da naka. Mutanen farko ne suka dawo, domin lambarka tana hannunsu kuma sun san kana cikin zafi. Jami'in gaskiya ofis zai ce ka zo, ba lambar tura kuɗi zai ba ka ba.